Yadda Ma'aji Zai Rubuta wa Masu Ba da Gudummawa Wasiƙar Bayanin Kuɗinsu

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon marayu da mabuƙata a unguwarmu a Kano. Tara kuɗi a watan azumi ba ya ba mu wahala sosai, domin zukata a buɗe suke. Inda aikin yake shi ne bayan sallah, lokacin da kowa ya koma harkarsa aka bar ma'aji da jakar rasiɗai da bashin bayani a wuyansa. Wanda ya ba ka dubu biyar da wanda ya ba ka rabin miliyan, dukkansu suna da haƙƙin su san inda kuɗinsu ya shiga, kuma su sani a rubuce. Wasiƙar da nake nufi ita ce wadda mai karatu zai ɗauki wayarsa ya haɗa alƙaluman da kansa, ya ga sun tashi daidai ba tare da ya kira ka ba. Zan bi da ku ta kan asusun azumi guda ɗaya, tun daga tebur har zuwa sa hannu.

Kafin ka rubuta ko da Bismillah

Ka fara da tsayar da ranar rufe lissafi. Mu muna buɗe asusun azumi daga 15 ga Sha'aban mu rufe 10 ga Shawwal. Duk abin da ya shigo bayan wannan rana, ko da washegari ne, na lissafin gaba ne. In ba ka yi haka ba, kullum kana shirin kammalawa sai wani ya turo dubu goma, jimilla ta sake canzawa, har Zulhajji ta kama wasiƙa ba ta fita ba.

Sai ka tara abubuwa huɗu a gabanka: takardar bayanin asusu da banki ya buga ta tsawon wannan lokaci, littafin da kake shigar da kuɗi, rasiɗan sayayya, da takardun rabo waɗanda masu karɓa suka sa wa hannu ko suka dangwala yatsa. Ka je banki ka karɓi takardar, ko ka sauke ta daga manhajar bankin. Kada ka yi lissafi da saƙon alat na waya, kada kuma ka yi shi da hotunan shaidar tura kuɗi da ake jefawa a zauren WhatsApp.

Wannan na koye shi da zufa. A shekarata ta biyu, littafina ya nuna Naira 40,000 fiye da abin da ke banki. Kwana uku ina juya shafuka bayan sallar isha'i, ga fitilar caji a gefe, ina bin layi da bakin biro ɗaya bayan ɗaya. Ashe wata Hajiya ce ta tura kuɗinta ta wurin mai POS. Ta sa hoton rasiɗin a zaure, na shigar da sunanta. Da alat ya shigo da sunan mai shagon POS ɗin, na ɗauka wani bawan Allah ne daban, na sake shigarwa. Kuɗi ɗaya, layi biyu. Da na aika wasiƙa a haka, da na ɗora wa kaina bashin dubu arba'in da ba su taɓa wanzuwa ba. Tun daga nan na kafa wa kaina doka: kowane layi na littafi sai na nemo takwaransa a takardar banki na yi masa alama, tsabar kuɗin da aka kawo hannu kuwa sai na nemo kwafin rasiɗin da na yanka wa mai shi.

Akasin wannan ma yana faruwa. Mutum ya turo hoton cewa kuɗi ya fita, amma bankinsa ya mayar masa da su daga baya, shi ma bai lura ba. Idan ka ga suna a littafi babu takwaransa a banki, ka kira shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, a taimaka a duba asusu, kamar saƙon nan bai iso wurinmu ba." Galibi a nan take za a gano.

Raba kuɗin bisa niyyar masu su

Nan ne ma'ajiyai da yawa ke tuntuɓe, kuma nan na fi so a tsaya. Kuɗin da ke cikin asusun banki ɗaya ba lallai ba ne su zama kuɗi iri ɗaya. Wanda ya ce "ga zakkata" ya ɗaure maka hannu, domin aya ta 60 a cikin Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas na waɗanda ake bai wa zakka. Wanda ya ce "a yi wa marayu kayan sallah" shi ma ya faɗi inda yake so. Wanda ya miƙo ya ce "a sa a aikin alheri" shi kaɗai ne ya sakar wa kwamiti mara. Saboda haka kowane nau'i yana buƙatar shafinsa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage.

A asusun da nake ba da misali da shi, zakka ta tashi Naira 900,000, sadakar ciyarwa Naira 1,240,000, kayan sallar marayu Naira 610,000. Jimillar abin da ya shigo ke nan Naira 2,750,000. Akwai kuma ragowar bara, Naira 85,000, wadda sadaka ce marar sharaɗi. Kada ka manta da ragowar bara. Mai ba da gudummawar da ya ajiye wasiƙarka ta bara, abin da zai fara dubawa shi ne ko adadin da ka rufe da shi bara shi ne ka buɗe da shi bana. In sun saɓa ko da da Naira ɗari biyar ne, sauran shafin ba zai ƙara gamsar da shi ba.

Da muka zo kayan sallah, kuɗinsu bai isa ba. An tara 610,000, aikin ya ci 675,000. A daidai lokacin kuma shafin ciyarwa yana da rarar 120,000. Abu mafi sauƙi shi ne a ɗebi 65,000 daga can a toshe nan, tunda duk a asusu ɗaya suke, babu wanda zai sani. Na ƙi, kuma ina ba kowane ma'aji shawarar ya ƙi. Wanda ya bayar don a ciyar da mai azumi bai ba ka izinin saya wa yaro takalmi ba, duk da cewa takalmin ma lada ne. Ko dai ka koma ka nemi yardar masu kuɗin, ko ka cike giɓin daga kuɗin da ba su da sharaɗi. Mu ragowar bara muka taɓa, da amincewar kwamiti a zaman da sakatare ya rubuta, kuma muka faɗi hakan a wasiƙa.

Cajin banki ma haka. Kuɗin alat, kuɗin kula da asusu, kuɗin tura wa 'yan kasuwa, da harajin nan na Naira 50 da ake cira a kan tura Naira 10,000 zuwa sama, ɗaiɗaikunsu ba su kai a kula ba, amma namu sun taru sun kai Naira 11,400. Ban cire su daga zakka ba. Wanda ya ba da zakka ya ga ta isa hannun mabuƙata cif-cif. In ƙungiyarku na da ra'ayin ɗaukar wani kaso na zakka don ɗawainiyar masu aikinta, wannan magana ce da za ku kai wa malamin da kuke komawa gare shi tun kafin a fara tara kuɗi, a kuma sanar da masu bayarwa tun farko.

Kayan da aka kawo ba kuɗi ba, irin su buhunan shinkafa da turamen atamfa, ka rubuta su da ƙidayarsu a sashe na daban. Kada ka yi musu kuɗi ka zuba cikin jimilla. Da zarar ka yi haka, jimillar ba za ta ƙara daidaita da banki ba, kuma farashin da ka sa musu ƙiyasinka ne kawai.

Rasiɗi, da abin da ba shi da rasiɗi

A kasuwar Singa, inda muka sayi sukari, samun rasiɗi ba matsala ba ne. A Kantin Kwari ma in ka nema za a rubuta maka. A Dawanau, wurin hatsi, sai ka tuna wa dillali kafin a ɗora kaya. Amma ɗan dako da mai a-daidaita-sahu da telan unguwa ba su yawo da littafin rasiɗi. Don haka muke da ɗan littafin biyan kuɗi namu: kwanan wata, aikin da aka yi, adadi, sa hannun wanda ya karɓa ko dangwalen yatsarsa, da sa hannun ɗan kwamiti ɗaya da aka yi a gabansa. Kowace takarda da kowane rasiɗi ka ba shi lamba, ka jera su a fayil bisa lambar. Ba za ka liƙa su duka a jikin wasiƙa ba, amma wasiƙar za ta ce suna nan, ga ranar da za a iya zuwa a gani. Gani ya kori ji.

Gwajin ƙarshe kafin rubutu guda ɗaya ne. Ragowar bara a haɗa da abin da ya shigo, a cire abin da aka kashe. Abin da ya fito dole ya yi daidai da abin da ke banki a ranar rufewa haɗe da tsabar da ke hannunka, wadda za ka ƙirga a gaban sakataren kuɗi. Namu: 85,000 da 2,750,000 sun ba da 2,835,000. An kashe 2,706,400. Saura 128,600. A banki akwai 103,600, a akwati 25,000. Sun haɗu. Idan naka bai haɗu ba, kada ka ƙirƙiro layin "sauran ƙananan abubuwa" don ya haɗiye bambancin. Ka koma ka nemo. In ka yi iya yinka bai fito ba, ka kai wa kwamiti, a rubuta adadin da sunansa na gaskiya a wasiƙa tare da abin da aka yanke a kai.

Ita kanta wasiƙar

Shafi ɗaya, in ta yi tsawo ɗaya da rabi. A kan takarda mai tambarin ƙungiya, da lambar rajista in kuna da ita, da kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, domin takardar banki da na Miladiyya take aiki. Godiya ta zo a farko amma a taƙaice. Na sha ganin wasiƙun da suka cinye shafi guda cur da addu'o'i da kirarin manyan baƙi, lissafi kuma layi biyu a ƙasa: "an kashe kuɗin ta hanyar da ta dace." Wannan jimla ba ta gaya wa kowa komai ba. Ga yadda tamu ta kasance, na cire sunaye:

*Zuwa ga iyayenmu da 'yan'uwanmu da suka ba da gudummawa,*

*Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin kwamitin ƙungiya, muna godiya bisa amanar da kuka damƙa mana. Allah ya karɓa, ya saka da mafificin alheri. Wannan bayani ne na asusun azumi daga 15 ga Sha'aban zuwa 10 ga Shawwal.*

*Mun buɗe da ragowar bara, Naira 85,000. An samu zakka Naira 900,000, sadakar ciyarwa Naira 1,240,000, da gudummawar kayan sallar marayu Naira 610,000. Jimillar abin da ya zo hannunmu Naira 2,835,000.*

*Zakka: an raba ta gaba ɗaya ga gidaje 30 da kwamiti ya tantance, kowane gida Naira 30,000. Ba a cire komai daga cikinta ba.*

*Ciyarwa: gero buhu 12 a kan Naira 62,000 kowanne, Naira 744,000, sukari buhu 4 a kan Naira 78,000 kowanne, Naira 312,000, dako da kuɗin mota Naira 46,000, ledoji da buhunan rabo Naira 18,000. Jimilla Naira 1,120,000. Gidaje 120 suka amfana, kowane gida gero kwano 4 tare da rabonsa na sukari. Saura Naira 120,000, kuma an ajiye su don ciyarwa kaɗai.*

*Kayan sallah: yara 50. Yadi da atamfa Naira 350,000. Ɗinki Naira 4,000 kowane yaro, Naira 200,000. Takalma Naira 2,500 kowane yaro, Naira 125,000. Jimilla Naira 675,000. Wannan ya zarce abin da aka tara da Naira 65,000, kuma kwamiti ya amince a cike daga ragowar bara. Muna sanar da ku cewa ɗinkin yara 3 bai kammala ba sai kwana biyu bayan sallah. Mun kai musu, mun ba su haƙuri, kuma badi za mu raba aikin ga teloli biyu.*

*Cajin banki Naira 11,400, shi ma daga ragowar bara aka biya.*

*Jimillar abin da aka kashe Naira 2,706,400. Abin da ya rage Naira 128,600: a banki Naira 103,600, tsaba a hannu Naira 25,000. Daga ciki Naira 120,000 na ciyarwa ne, Naira 8,600 sadaka marar sharaɗi. Babu wanda yake bin ƙungiya bashi a wannan aiki.*

*An kuma kawo shinkafa buhu 6 da atamfa turmi 10. Shinkafar an raba ta tare da gero, atamfar an bai wa iyayen marayu mata 10.*

*Rasiɗai da takardun sayayya suna ofishin ƙungiya. Duk mai son dubawa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, ko ya kira ma'aji. Wanda bai ga gudummawarsa yadda ya bayar ba, don Allah ya sanar da mu.*

*Wassalam. Ma'aji. Shugaba. Mai binciken kuɗi.*

A lura da yadda aka rubuta sayayya: yawa, farashin ɗaya, sannan jimilla. "Gero Naira 744,000" shi kaɗai ba ya ba mai karatu abin kamawa. "Buhu 12 a kan 62,000" kuwa, duk wanda ya shiga kasuwa a makon zai iya cewa farashin ya yi daidai ko bai yi ba. Haka ma rabon: buhun gero yana ɗaukar wajen kwano 40, buhu 12 kwano 480 ke nan, a raba wa gidaje 120 kowa ya samu 4. Uwar gida da ba ta taɓa riƙe littafin lissafi ba za ta iya tabbatar da wannan a ka. Idan farashi ya tashi tsakanin lokacin da kuka yi kira da lokacin sayayya, kamar yadda kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ka faɗi adadin da kuka yi niyya da wanda kuka iya saya.

Maganar yara ukun nan, wani ɗan kwamiti ya so a cire ta. Ya ce, "Malam ma'aji, wannan ai tonon silili ne, tunda an riga an kai musu." Na ce masa iyayen yaran a unguwar nan suke, maƙwabtansu kuma suna cikin masu bayarwa. Labarin zai isa kunnensu ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, gara su fara ji daga gare mu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya yarda, aka bar ta.

Abin da ba ya shiga wasiƙa

Sunayen waɗanda suka karɓi zakka da sunayen marayu ba su shiga. Adadi ya isa. Takardar rabo mai sa hannu tana fayil, kuma mai binciken kuɗi da amintattun ƙungiya ne ke ganinta, ba duk wanda ya zo duba rasiɗi ba. Hoton kayan a jibge kafin rabo ba laifi, amma hoton bazawara tana miƙa hannu tana karɓar leda, ni ban yarda a tura shi ko'ina ba. Mutum ya zo a sirrance saboda kunya, bai kamata ya ga fuskarsa tana yawo a wayoyin unguwa ba.

Jerin masu bayarwa da adadin kowa shi ma ba na wasiƙar gama-gari ba ne. Da yawa sun ɓoye sadakarsu da gangan, wanda ya ba da kaɗan kuma kada ya ji ya muzanta. Abin da muke yi shi ne kowa a haɗa masa da ɗan layi nasa shi kaɗai: "Mun karɓi Naira kaza daga gare ka ranar kaza, don ciyarwa, rasiɗi mai lamba kaza." Da wannan kowane mai bayarwa ya zama mai bincike a kan nasa kason. Wanda ya ɗauki nauyin wani aiki sukutum, misali ɗinkin yaran gaba ɗaya, shi ka rubuta masa tasa wasiƙar daban da kwafin rasiɗan aikin.

Sa hannu da aikawa

Kada ma'aji ya sa hannu shi kaɗai. Wanda ya riƙe kuɗi ba shi zai wanke kansa ba. Ka miƙa fayil da daftarin wasiƙa ga mai binciken kuɗi na ƙungiya, ko wani amintacce da bai taɓa kuɗin ba bai kuma je sayayya ba, ya sake haɗa lissafin da kansa, ya zaɓi rasiɗai biyar ko shida ya bi sawunsu har takardar banki. Namu wani tsohon malamin lissafi ne, yakan cire tabarau ya goge da gefen rawani kafin ya fara, kuma bai taɓa sa hannu a ranar da aka kai masa ba. Bayan shi sai shugaba, sai tambari.

Ka aika cikin wata guda da rufe lissafi, tun mutane suna tune da abin da suka bayar. Ta WhatsApp ka tura a matsayin PDF ko hoton takardar da aka sa wa hannu, kada ka tura rubutun da kowa zai iya kwafa ya sauya lamba ya tura gaba. Dattawa a kai musu bugaggiya har gida. Waɗanda ba su karatun boko, wani ɗan kwamiti ya karanta musu, ko a naɗi murya ana karanta wasiƙar yadda take, ba ƙari ba ragi. 'Yan'uwa na Nijar ko Saudiyya ko Turai da suka turo da kuɗin ƙasarsu, a layin da ka rubuta wa kowannensu ka nuna adadin da ya turo da Sefa ko Riyal ko Dala, farashin da aka canza, ranar canjin, da Nairar da ta fito.

Idan ƙungiyarku tana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wannan wasiƙa ba ta ɗauke muku rahoton shekara da ake kai wa hukumar ba. Amma alƙaluman da ke ciki su ne za su shiga lissafin shekarar, don haka ka adana kwafin da aka sa wa hannu a fayil ɗaya da rasiɗan da takardar banki. A bangon fayil ɗin ka rubuta ragowar da manyan lambobi, tamu 128,600 ce, ka raba ta gida biyu, na ciyarwa da na sadaka marar sharaɗi, kamar yadda take a wasiƙa, domin da ita za ka buɗe layin farko ranar 15 ga Sha'aban mai zuwa.